Riba tana littafi, kuɗi suna kan kanta

Wata mai shagon kayan amfanin gida ta zauna da littafinta bayan wata 6 tana ciniki, lissafi ya ƙi fita. Kowane wata tana sayar da kayan 900,000. Kuɗin sarin waɗannan kayan 720,000 ne, saura 180,000. Haya da wuta da albashin yarinyar shago da ɗan abin da take ɗauka wa kanta suna cin 80,000. Ke nan ribarta 100,000 a wata, wata shida 600,000. Amma da ta haɗa abin da ke aljihun tebur da na banki, 40,000 kawai ta gani ƙari a kan abin da take da shi tun farko. Ga mai ba ta sari yana ta kira kan cikon kuɗinsa da yake bin ta tun farko.

Zarginta na farko ya faɗa kan yarinyar shago. Yawancin masu shago nan suke fara dubawa, kuma sau da yawa zalunci ne. Sa'ar yarinyar, ƙanwar matar ta taɓa riƙe sito a wani kamfani, sai ta ce mata, "Yaya, kafin ki kori kowa, rufe shagon nan yini ɗaya mu ƙirga kaya."

Suka ƙirga komai, na kan kanta da na cikin sito, kowane abu a farashin da aka saro shi. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, domin in aka ƙirga a farashin sayarwa, an zuba ribar da ba a ci ba tukuna cikin lissafi, sai mutum ya ruɗi kansa. Wata shida baya kayan shagon na 1,200,000 ne. Yanzu sun kai 1,760,000. Bambancin 560,000. A haɗa da 40,000 ɗin da ke hannu, ga 600,000 cif. Ba wanda ya saci sisi. Ribar ta shigo, ita da kanta ta mayar da ita kaya, kayan kuma suka zauna.

Ra'ayina a nan shi ne, littafin ciniki shi kaɗai ba ya iya nuna wannan ciwon, kuma mai shagon da ba ya ƙirga kaya yana tuƙi ne ido rufe. Dalilin yana cikin yadda ake fitar da riba. Ana cire kuɗin kayan da aka sayar ne kawai daga ciniki. Kayan da aka saro ba a sayar ba, ba sa shiga lissafin ribar ko kaɗan, alhali kuɗinsu ya riga ya bar aljihu. Shi ya sa littafi zai ce kina cin riba, kuma gaskiya ya faɗa, aljihu ya ce babu, shi ma gaskiya ya faɗa.

Da suka bi kayan ɗaya bayan ɗaya, sai ga inda mafi yawan kuɗin ya kwanta: fulas ɗin ruwan zafi. Mai sari yana ba da shi a 5,000, amma ya ce in ta ɗauki kwali 10, kowane kwali guda 12, zai bar mata a 4,500. Ta ga ragin 60,000 a fili, ta biya 540,000 ta kwashi guda 120. Abin da ba ta tambayi kanta ba shi ne, guda nawa nake sayarwa a wata? Amsar biyar ce. A wata shida ta sayar da 30, saura 90, wato 405,000 a jibge cikin sito. Da wannan tafiyar sai ta ƙara wata 18 kafin su ƙare. Sauran 155,000 ɗin ya warwatsu ne a man shafawa da ya kusa ƙare wa'adi da wasu kofuna da yayinsu ya wuce.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne girman ribar guda ɗaya. Tana sayar da fulas 6,500, ribar 2,000 a kowanne, abin daɗin faɗa. Sabulu kuwa kashi 10 cikin ɗari kacal yake bari. To amma a duba wata guda. Fulas biyar sun kawo 10,000, bayan 405,000 na kwance dominsu. Kuɗi 100,000 a sabulu da makamantansa, in suka juya sau biyu a wata, sun kawo 20,000. Rubu'in jarin ya ninka ribar. Abin haushin ma, kusan kowane wata sai sabulu ya yanke mata na wasu kwanaki saboda babu kuɗin sake sari, mai saye ya zo ya juya, wani ma ya saba da shagon gaba.

Gwajin da ya fallasa fulas ɗin ba shi da wahala. A ɗauki adadin da ya rage na kowane kaya, a raba shi da adadin da ake sayarwa a wata, abin da ya fito shi ne watannin da kayan zai yi kafin ya ƙare. Fulas 90 a raba da 5, wata 18. Sai dai a yi shi kaya-kaya, kada a yi na shago gaba ɗaya. Na shagon nan duka, 1,760,000 a raba da 720,000, bai kai wata biyu da rabi ba, adadin da ba zai tayar wa kowa hankali ba, domin saurin sabulu ya rufa wa fulas asiri. Wanda ba ya rubuta abin da ya sayar ɗaya-ɗaya, ya rubuta ranar shigowa a jikin kowane kwali da maka. Kwalin da ya haura kwana 90 ba a buɗe shi ba, in dai ba kayan wani lokaci na shekara ba ne, ya yi kwantai.

Wurin da aka yi gardama shi ne magani. Ƙanwar ta ce a bar 30, abin da zai isa wata shida, a karyar da 60 a 4,000. Matar ta ce ita ba ta fito kasuwa don ta sayar ƙasa da yadda ta saro ba. Na fahimce ta, amma ina bayan ƙanwar. Faɗuwar 500 sau 60, 30,000 ke nan, kuma 240,000 sun dawo hannu. Ta biya mai sari 140,000, ta zuba 100,000 a kayan da ke yanke mata, cikin wata ɗaya da rabi sun mayar da abin da ta rasa. Kafin a kai ga karyarwa ma akwai matakai masu sauƙi: a roƙi mai sari ya karɓa ya musanya da kayan da ke tafiya, ko a ba wani mai shago a kuɗin sari, ko a fito da kayan gaban kanta inda ido zai gan su. Man da ya kusa ƙare wa'adi shi ne ba ya jiran shawara, don in ranar ta wuce ko kyauta ba a bayarwa.

Akwai iyaka ga wannan lissafin. Sabulu ba ya shanye kuɗi ba adadi. In masu saye 100,000 suke iya ɗauka, ƙarin 300,000 zai zama sabon kwantai ne kawai. Haka kuma lokacin da farashi ke tashi da sauri, ajiye kayan da ba ya lalacewa yana iya kare jari, amma sai in tashin ya fi abin da kuɗin zai samo yana juyawa, kuma ba bashin kowa a wuya. In kuma an ƙirga kaya ƙarin bai cike giɓin ba, sai a buɗe littafin masu cin bashi, sannan a duba abin da mai shagon ke zara ba ta rubutawa.

Wata uku bayan nan mai sarin ya sake kira da tayin kwali 10 na wasu kwanuka. Ta duba littafi, ta ga dozin ɗaya take sayarwa a wata, ta ce a kawo mata kwali biyu a cikakken farashi.