Shekarun da ba ka aiki ba abin ɓoyo ba ne a CV

Ƙannena na Damagaram masu kai dosiye, akwai abin da nake yawan gani a CV ɗinku da ke damuna. Mutum ya yi shekara biyu ba ya aiki, sai ya ja kwanan watan aikinsa na baya ya rufe giɓin, ko ya ce wai mai ba da shawara ne mai zaman kansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Takardar shaidar aiki da tsohon wurinka ya ba ka tana ɗauke da ranar shiga da ranar fita, a CNSS ma, wato asusun fanshon ma'aikata, an san watan da aka daina zuba maka kuɗi. Da mai ɗaukar aiki ya ga kwanakin sun saɓa, ya gama da kai, ko tambayar dalili ba zai yi ba.

A ganina a faɗa tun a saman takarda, cikin layuka uku ko huɗun nan na Profil, amma ba a jimlar farko ba. Fara da sana'arka da abin da ka iya. Giɓin ya zo daga ƙarshe, jimla ɗaya ko biyu kawai: yaushe, saboda me, kuma ya wuce. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, alhali shi ne damuwar mai karantawa, don tsoronsa kada ya ɗauke ka bayan wata uku ka sake tafiya.

A ce ƴar uwa ce mai lissafin kuɗi, porjen da take wa aiki ya tsaya bayan masu ba da tallafi sun janye a 2023, sannan ga jinyar mahaifiya. Ga abin da za ta rubuta, sai ta mayar da shi Faransanci: "Mai lissafin kuɗi ce, shekara shida a ƙungiyoyin agaji, ta ƙware a Excel da rahoton kuɗi na wata-wata. Daga Satumba 2023 zuwa Yuni 2025 ta tsaya saboda ƙarewar porje da jinyar iyali. A lokacin ta riƙe wa wani ɗan kasuwa littafin ciniki a Kasuwar Dole, yanzu a shirye take ta kama aiki."

Kun ga ba ta ambaci sunan cutar ba, ba ta roƙi tausayi ba. Sirrin gida na gida ne. Littafin cinikin nan kuwa, kada ta sa shi sai in alhajin zai amsa waya ya shaida, don wasu suna kira.

In giɓin bai kai wata shida ba, ni dai cewa nake a bar shi, kwanakin da ke ƙasa sun isa. In kuwa sallamarka aka yi, kada ka rubuta kwantiragi ne ya ƙare. Rubuta ranar da ka bar aikin kawai, ka tanadi bayaninka na gaskiya zuwa ranar ganawa.