Kafin ka jefar da takardar mai yawan sauya wurin aiki

'Yan'uwana da ƙannena da Allah Ya ɗora a kujerar ɗaukar ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da nake gani tana yaɗuwa a cikinmu, kuma tana damuna ƙwarai. Takardar tarihin aikin mutum za ta zo gabanka, ka ƙirga wuraren da ya yi aiki, ka ga biyar cikin shekara huɗu da rabi, sai ka ture ta gefe ka ce wannan ba mazauni ba ne. Ko minti ɗaya ba ka yi a kanta ba. Ka yanke wa bawan Allah hukunci a kan halinsa, alhali lissafin watanni kawai ka gani, kuma lissafin ma ba ka yi shi daidai ba.

Na san inda tsoron yake fitowa. Ɗaukar mutum da koya masa aiki yana cin lokaci da kuɗi, in ya tafi bayan wata shida kai za a tuhuma. Tsoron yana kan hanya. Amma takarda tana nuna ranar da aiki ya fara da ranar da ya ƙare ne kawai, ba ta faɗin wanda ya kawo ƙarshensa. Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka yi wa kowane layi: shi ya tafi, ko wa'adi ne ya cika, ko wurin ne ya rufe, ko sallamarsa aka yi? Abubuwa huɗu ne daban, kada ka yi musu kuɗin goro.

Mu ɗauki misali. A ce kana neman akanta, takardar wani ta nuna haka. Ya yi wata shida a wuri na farko, daga Yuli zuwa Disamba 2018. Na biyu wata goma sha biyar, daga Fabrairu 2019 zuwa Afrilu 2020. Na uku wata goma, daga Satumba 2020 zuwa Yuni 2021. Na huɗu wata goma sha uku, daga Yuli 2021 zuwa Yuli 2022. Na biyar wata biyar kacal, daga Agusta zuwa Disamba 2022.

Ka kira shi, ku yi maganar minti goma. Sai ka ji cewa na farko kwantiragi ne na riƙon ƙwarya, ya zauna a madadin wata da ta tafi hutun haihuwa, tun ranar da ya sa hannu an san ranar da zai tashi. Mutumin da ya cika wa'adinsa bai gudu ba, alƙawari ya cika. Na biyu ya ƙare a Afrilu 2020, lokacin da annobar korona ta sa kamfanoni a duniya suka rufe ko suka rage ma'aikata. Ranar ma kaɗai ta isa ta sa ka dakata kafin ka zarge shi.

Na uku da na huɗu kuwa, dubi yadda ɗaya ya ƙare a Yuni ɗayan ya fara a Yuli, ga muƙami iri ɗaya. Da ka tambaya sai ya ce wani kamfani ne ya sayi nasu, aka sauya suna, amma teburinsa bai motsa ba. Ke nan aiki ɗaya ne na wata ashirin da uku. Haka ma yake ga wanda kamfanin dillancin ma'aikata yake turawa wurare: zai jera sunaye uku ko huɗu, alhali mai biyansa albashi ɗaya ne tun farko. Yanzu wurare biyar sun koma huɗu, kuma a cikinsu ɗaya tak ya rage wanda yake buƙatar bayani, wato na wata biyar ɗin nan.

A nan za ka zauna da kyau. Ka tambaye shi cikin mutunci: me aka ce maka aikin zai kasance, me ka tarar, yaushe ka gane ba zai yiwu ba, kuma me ka gwada kafin ka tafi? Wanda yake da gaskiya zai ba ka dalla-dalla. Zai ce an ɗauke shi don tsara rahoton kuɗi, sai aka mayar da shi bin bashi, ya yi magana da shugabansa sau biyu, da ya ga ba sauyi ya ba da sanarwar barin aiki, ya miƙa littattafai ga wanda ya gaje shi. Wannan amsar tana da ƙashi. Kuskure ɗaya wajen zaɓen wurin aiki ba hali ba ne, kowa yana iya yinsa.

Ban ce kowace irin takarda lafiya take ba. Ruwa ba ya tsami banza, akwai alamun da ni ma suke tsayar da ni. In ayyukan duk na dindindin ne, kuma sau uku a jere yana tashi a wata na uku zuwa na shida, daidai lokacin da ake kammala gwajin sabon ma'aikaci a wurare da yawa, to ka bincika ko ba a tabbatar da shi ba ne. In labarinsa ɗaya ne a ko'ina, kowane shugaba azzalumi, kowane abokin aiki mahassadi, shi kaɗai ne ba ya laifi, ka yi hattara. Mafi nauyi a wurina shi ne a ce cikin duk shugabannin da ya yi aiki a ƙarƙashinsu kai tsaye babu ko ɗaya da zai yarda ka kira. In kuwa ka samu ɗaya, da izinin mai neman aikin, kada ka tsaya a tambayar ko yana da kirki. Ka tabbatar da watannin, sannan ka ce: in da hali, za ku sake ɗaukarsa? Ka kuma ji ko sun taɓa sabunta masa kwantiragi, domin ba a ƙara wa mutum wa'adi sai an ji daɗin aikinsa.

Ka lura da takardar da ta rubuta shekaru babu watanni. "2019 zuwa 2020" na iya zama wata biyu, Disamba da Janairu, yana kuma iya zama wata ashirin da huɗu cur. Kada ka yi zato ta kowane ɓangare, ka nemi watannin.

Sai kuma ka waiwayi aikin da kake ɗaukar mutum dominsa. Akanta yana buƙatar ya ga shekara ta zagayo: ya rufe lissafin ƙarshen shekara, masu binciken kuɗi su zo, ya amsa tambaya a kan abin da ya shigar da hannunsa wata tara da suka wuce. Wanda bai taɓa kaiwa wata goma sha biyu a wuri ba, bai taɓa cin karo da sakamakon aikinsa ba, kuma wannan giɓi ne na gaske. Mutumin misalinmu ya wuce wannan ma'aunin, tunda a wata ashirin da ukun nan ƙarshen shekara ya same shi sau biyu. In kuma aikin naka na wata tara ne, na gyara littattafan da suka cakuɗe, to wanda ya saba shiga sabon wuri ya kama aiki cikin mako biyu ya fi maka wanda ya shekara goma a tsari ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙonku da shi. In dalilin tashin mutum jinya ce, ko ta kansa ko ta mahaifi, ko ƙaura saboda iyali, ya faɗa a taƙaice, ku karɓa ku wuce. Kada ku tona masa ciki. A ƙasashe da yawa doka ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda juna biyu ko naƙasa, kuma ko ba doka, ba hurumin mai ɗaukar aiki ba ne. Abin da ya halatta ka tambaya shi ne ko yanzu zai iya riƙe lokutan aikin da nauyinsa, sannan ka gaya masa gaskiyar yadda aikin yake da tsawon zaman da kuke fata, ka ji me zai ce.