Ninki biyu a lokaci, ninki huɗu a nauyi

"Gas ɗin da aka ba mu ya ɗauki ninki biyu na lokacin da gas ɗin mitan ya ɗauka kafin ya zirara ta ƙaramar huda. Nauyinsa ma ninki biyu ne ke nan?"

A'a, ninki huɗu ne, kuma nan ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe. Dokar Graham, inda r yake saurin zirarar gas, M kuma nauyinsa a kowane mol, cewa ta yi:

r₁/r₂ = √(M₂/M₁)

A ce mitan, CH₄, mai nauyin giram 16 a kowane mol, ya fice cikin daƙiƙa 30, baƙon gas mai yawa ɗaya da shi kuwa sai da ya ci daƙiƙa 60. Saurin mitan ya ninka nasa sau biyu. Sai ka ninka biyun nan da kansa, ka sami huɗu, huɗu sau 16 kuwa 64 ne. SO₂ ya dace da wannan nauyi, amma lissafin nauyi kawai ya ba ka, bai ba ka suna ba.

Dalili? In zafi ɗaya ne, matsakaicin kuzarin motsin ƙwayoyinsu ɗaya ne, shi kuma ½mv² ne, inda m yake nauyi, v kuma gudu. Kafin gudu ya ragu zuwa rabi, dole nauyi ya ninku huɗu.

In nauyin baƙon gas ɗin ya fito maka giram 4 a kowane mol, ka juya lissafin ne, ka sa lokaci a gurbin sauri. Gas mai nawa ba zai fi mitan rashin nauyi ba.