Kada Hoto Ɗaya Ya Sa Ku Yarda Da Sitikar Hologiram

Assalamu alaikum 'yan uwa matasa, musamman masu sayen kayan waya da na kwamfuta ta WhatsApp. Yanzu mutum yana zaune a Kawo ko Rigasa, mai kaya yana Kasuwar Sheikh Gumi ko wani shago a titin Ahmadu Bello, ciniki duk a waya ake ƙare shi. Sai a turo maka hoton kwali da wata sitika mai walƙiya a jiki, a ce ga shaida, orijina ne. Ka tura kuɗi, ɗan acaɓa ya kawo kaya. Don Allah ku daina gamsuwa da wannan. Hoto ɗaya ba ya iya nuna ingancin hologiram, domin shaidar da ke cikinta tana fitowa ne lokacin da aka karkata ta.

Dalili kuwa shi ne launukan da kuke gani a hologiram ba fenti ba ne. Leda ce siririya da aka shafa wa alminiyam, aka danna mata ƙananan layuka masu matuƙar ƙanƙanta, wajen dubu a cikin milimita ɗaya. Haske in ya faɗa kansu sai ya rarrabu, ja ya nufi wata kusurwa, kore wata, shuɗi wata, kamar yadda bayan faifan sidi yake yi. Kyamara tana kama launin da ya nufo ta ne kawai a daidai inda take tsaye. Saboda haka sitika ta gaske tana iya fitowa kore shar a hoton farko, ta koma ruwan lemo a na biyu, a na uku ta yi duhu kamar ba komai a kanta. Wanda bai sani ba zai ga wannan duhun ya ce jabu ce, alhali halinta ke nan. Wadda ya kamata ka ji tsoro ita ce wadda ke da kyau iri ɗaya a kowane hoto.

A yawancin waɗannan sitikoki aikin ya kasu biyu. In ka karkata ta sama da ƙasa, launi ne ke sauyawa, yana bin jerin launukan bakan gizo. In ka karkata ta hagu da dama, zurfi ne ke bayyana: rubutun da ke gaba da zanen da ke baya za su ɗan goce wa juna, abin da ya ɓuya a bayan harafi ya leƙo. Wannan gocewar ita ce ke wahalar da masu jabu, don haka ita za ka fi zuba wa ido.

Mu ɗauki batirin ƙaramar Nokia, irin BL-5C, wanda har gobe ana nemansa, jabunsa kuma ya cika kasuwa. Kamfanin ya bayyana yadda hologiram ɗin batirinsa take. Daga wata kusurwa za ka ga hannaye biyu suna miƙa wa juna, daga wata kusurwar hannayen su ɓace, tambarin Nokia Original Enhancements ya maye gurbinsu. Sannan akwai ɗigo-ɗigo a gefuna: in ka karkata hagu ka ga ɗigo 1, dama 2, ƙasa 3, sama 4. To ka ga hoto ɗaya ba zai ɗauke wannan duka ba. Ka nemi hoto biyar, ɗaya a miƙe, huɗu a karkace. A na jabu abin da aka fi gani shi ne hannaye da rubutu sun fito tare, sun haɗe da juna a kowane hoto, ko ɗigon ya tsaya cak a wurinsa duk yadda aka juya, ko ma babu shi. Wani lokaci za ka ga hannayen sun fito tsaf amma ja yana nan a gefen hagu, shuɗi a gefen dama cikin hotuna biyar ɗin gaba ɗaya. Wannan hoton hologiram ne aka buga da tawada a kan takarda mai ƙyalli.

Ba kowace alamar tsaro ce ke yin bakan gizo ba, kada ku yi kuskuren yi musu hukunci ɗaya. Ta kwalin tawadar firintar HP motsi take yi: in aka karkata kwalin gaba da baya, OK da alamar maki suna tafiya ne a saɓanin juna, in aka karkata hagu da dama su tafi waje ɗaya. Wannan sai bidiyo. Kuma kamfanoni suna sabunta zanensu, don haka kafin ka yi ciniki ka duba shafin kamfanin ka san abin da ya kamata ka gani.

Yadda ake ɗaukar hoton ma yana iya ɓata komai, ko da sitikar ta gaske ce. A kashe filashin wayar da ke ɗauka, domin haskensa yana fita ne daga gefen kyamara, ya bugi alminiyam ya dawo kai tsaye, sai ka ga farin tabo ya rufe zanen. Dogon ƙwan shago da hasken rana mai hazo irin na hunturu su ma ba sa taimako: haske yana zuwa ta ko'ina, launuka su cakuɗe, zanen ya dushe. Abin da ake so haske ne ƙwaya ɗaya. A kunna tocilar wata waya, a riƙe ta sama a karkace wajen digiri 45, nisan kamu biyu. Kyamara ta tsaya wajen santimita 15 zuwa 20 daga sitikar, a goge gilashinta, a danna kan sitikar a riƙe har fokas ya kulle. Daga nan kada a motsa tocila, kada a motsa kyamara. Kayan kaɗai za a riƙa karkatawa a hankali, digiri 20 zuwa 30 kowane ɓangare. In mai ɗauka yana yawo da wayarsa shi ma, ba za ka gane ko sitika ce ke sauyawa ko hannunsa ba.

Mafi kyau a wurina shi ne bidiyon daƙiƙa 10 zuwa 15 wanda ba a yanke ba, ya fara daga kwalin gaba ɗayansa, da takarda a gefe an rubuta sunanka da kwanan wata, kada a turo maka tsohon bidiyon wani kayan. Ka ce a turo shi ta Document, saboda WhatsApp yana matse hoto, ƙananan rubutu su narke. Ɗan kasuwa na kirki ba zai ji haushi ba in ka ce, "Alhaji, a taimaka a ɗan juya mini shi a gaban tocila."

Ku kula da sitikar da aka cika da ORIGINAL ko GENUINE a jere, babu sunan kamfani, har gefenta ya yanke wasu haruffan. Tana sauya launi da gaske, amma naɗi-naɗi ake sayar da ita ga duk mai so. Akwai kuma sitikar gaske da aka ɓamɓaro daga tsohon kwali. Wannan za ta ci duk jarrabawar karkatawa, sai dai ka kwantar da tocilar kusan daidai da fuskar kwalin: nan ne tattarewa, ɗagaggen baki, sauran gam, ko inuwar rubutun VOID, wanda ke bayyana a wasu sitikoki in an ɓamɓare su, za su fito. In akwai lambar da ake kankarewa ko ake sikanin, ka haɗa da ita, kamar yadda ake yi da wasu magunguna a tsarin hukumar NAFDAC, kuma ka tabbata kai ne ka kankare da hannunka bayan kaya sun iso.