Mutum 26 ba su ne ƙungiya ba

To, an ce ni ne na ɓata taron ƙungiyar unguwarmu na ranar Lahadi. Na ji, na kuma gode. Tun shekaranjiya ake ta turo mini saƙo a zauren WhatsApp na unguwa, wai Malam ya zo mana da Turanci, wai kworam ɗin me, ai an ɗaga hannu kowa ya gani, 19 sun yarda, 7 sun ƙi. Ƙwarai kuwa, ni ma na gani, ina cikin 19 ɗin ma. Ina goyon bayan a mai da kuɗin 'yan sintiri daga naira 2,000 zuwa 5,000 a wata, domin yaran nan da ke kwana a waje cikin sanyin Jos sun fi ƙarfin abin da muke ba su. Amma wannan ƙuri'ar ba ta zauna ba, ko da za a shekara ana tafa mata.

Kworam ba wani tsafi ba ne. Shi ne mafi ƙarancin adadin mambobi da dole su kasance a zaune kafin a ce ƙungiya ce ta yi magana. Idan ba su cika ba, duk abin da aka yi hira ce ta wasu mutane da suka haɗu a ajin firamare bayan la'asar. Ba ni na ƙirƙiro ba, yana cikin kundin tsarin mulkin da muka rubuta da hannunmu muka kai wa Hukumar Rajistar Kamfanoni lokacin da muke neman satifiket. Kundin ya ce kashi ɗaya bisa uku na mambobin da ba a bin su kuɗin wata, kuma ya ce adadin ya cika a lokacin da za a yanke shawara. Littafin ma'aji ya nuna masu biya 120 ne. A raba uku, 40 ke nan.

Sakatare yana ta ɗaga mini rajistar halarta, wai mutum 47 suka sa hannu. Gaskiya ne, da ƙarfe huɗu da rabi mun kai 47. Sai aka ɓata awa guda da rabi a kan wa ya zubar da shara a kwalbati. Hadari ya haɗo, mata suka tashi saboda girki, masu shago suka zame ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo maganar kuɗi, ana gab da kiran magariba, na miƙe na ƙirga kawuna: 31. A cikinsu akwai baƙi biyu da suka rako wani, akwai uku da ma'aji ke bi bashin wata huɗu, kuma kundinmu bai ba su ƙuri'a ba. Saura 26. Na ce, "Ranka ya daɗe, Ciyaman, ba mu cika ba, saura mutum 14." Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, zauna, ruwa zai sauko." Aka ɗaga hannu, aka shafa fatiha.

Na san akwai ƙungiyoyin da kundinsu ya ce a ƙirga a farkon taro kawai, in an cika shi ke nan. Su wannan ya shafa. Namu ba haka ya ce ba, kuma sa hannun wanda ya riga ya isa gida yana cin tuwo ba ya zama a kujera.

Abin da mutanenmu suka kasa rarrabewa shi ne kworam daban, rinjaye daban. Rinjaye yana tambayar wa ya fi yawa a cikin masu ƙuri'a. Kworam kuwa tambayarsa ita ce, tun farko ma akwai taron? Ga abin da zai ba ku mamaki: da a ce mutum 14 ɗin nan suna zaune a bayan aji sun naɗe hannu, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba, da wannan 19 da 7 ɗin ta zauna daram, tunda kundinmu rinjayen ƙuri'un da aka kaɗa yake nema. Wanda ya ƙi ɗaga hannu ana lissafa shi a kworam, domin ya ji, ya gani, yana da damar ya tashi ya ce bai yarda ba. Wanda ba ya nan ba shi da wannan damar, shi ya sa ba a ɗora masa 5,000 a bayan idonsa da bakin mutum 19 cikin 120.

Wai ai mu ba majalisa ba ne. Madalla. Majalisar ma da kuke gani, sashe na 54 na kundin 1999 ya ce sai kashi ɗaya bisa uku sun zauna, wato sanatoci 37 cikin 109, 'yan majalisar wakilai 120 cikin 360. Kuma mu mutanen Filato ne za a koya wa illar raina lissafi? A Nuwamban 2006 'yan majalisar jiha da ba su kai goma ba, cikin 24, suka ce sun tsige Gwamna Joshua Dariye. Tsigewa kashi biyu bisa uku na dukan mambobi take buƙata, wato 16. Wannan ya ma fi kworam tsauri, amma ciwon ɗaya ne: adadi bai cika ba. A Afrilun 2007 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa tsigewar ba ta yi ba, mutumin ya koma kujerarsa.

Wai ai mutane ba sa zuwa taro, in an jira 40 ba za a taɓa yin komai ba. To ku gyara kundin ta hanyar da kundin ya tanada, ku rage adadin. Ba a rage shi da baki saboda hadari ya taso. Wai a ƙarasa ƙuri'ar a WhatsApp. Nuna mini layin da ya ce babban yatsa a waya ƙuri'a ce, in yi shiru.

Wallahi ba don in kunyata Ciyaman nake wannan ba, dattijo ne, ya sha wahalar unguwar nan fiye da ni. Tsorona ranar karɓar kuɗi. Yaro zai je ƙofar wani Alhaji da rasit na 5,000, Alhaji ya ce a kawo masa bayanin taro, ya ƙirga 19 da 7, ya miƙa 2,000 ya rufe ƙofa, kuma shi ke da gaskiya. Maƙwabcinsa ya ji, shi ma ya ƙi. Waɗanda suka riga suka biya su ce a mayar musu da cikonsu. A ƙarshe 'yan sintirin da muke so mu taimaka su ne za su tashi a tutar babu.

Gyaran ba wuya. Sakatare ya rubuta gaskiya, cewa kworam ya faɗi kafin a zo batun kuɗi. A fitar da sanarwar kwana bakwai kamar yadda kundin ya ce, a rubuta ƙarin kuɗin ƙarara a ajanda, a sa shi farko kafin rigimar kwalbati. A ƙirga kawuna da littafin ma'aji a hannu dab da ɗaga hannu, a rubuta adadin. Ni zan bi gida-gida a layinmu in taso mutum goma.

Af, tunda ana maganar ƙirga: kujerun roba 60 muka saya bara, ranar Lahadi 44 na gani. Wanda ya ara don sunan jikarsa watan jiya ya san kansa, kuma har da tabarmar liman a cikin kayan da ba su dawo ba.