Kafin ku ce kun ga ribar da babu kasada a cikinta

'Yan'uwa matasa masu bibiyar kasuwar hannun jari, na lura wasunku da zarar sun ga farashin haƙƙin saye da na haƙƙin sayarwa sun saɓa wa lissafi, sai su ɗauka tsuntsu ne daga sama gasasshe. Ku tsaya mu yi lissafin tare tukuna.

Haƙƙin saye, wanda za ku gani a allo da sunan `call`, yana ba mai shi damar sayen hannun jari a kan farashin da aka yanke, shi kuma `put` yana ba shi damar sayarwa a kan wannan farashin. Idan duka biyun na hannun jari ɗaya ne, farashin da aka yanke ɗaya, ranar ƙarewa ɗaya, kuma irin na Turai ne da ba a zartarwa sai ranar ƙarshe, to dole su bi ƙa'idar da Hans Stoll ya bayyana a 1969, muddin kamfanin ba zai raba riba kafin ranar ba:

```
C - P = S - K/(1+r)^T
```

A nan C shi ne farashin haƙƙin saye, P farashin haƙƙin sayarwa, S farashin hannun jarin a yau, K farashin da aka yanke, r kuɗin ruwa na shekara, T kuma shekarun da suka rage kafin ranar ƙarewa. Dalilin a fili yake: wanda ya riƙe hannun jarin, ya sayi haƙƙin sayarwa, ya kuma sayar wa wani haƙƙin saye, K zai samu a ƙarshe ko farashi ya hau ko ya faɗi, don haka abin da ya biya yau bai kamata ya bambanta da darajar K ta yau ba.

Mu ɗauka hannun jarin yana dala 100, farashin da aka yanke 100, saura shekara guda, kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari. Darajar 100 ta baɗi a yau 95.24 ce, ke nan C ya kamata ya ɗara P da 4.76. Sai ga allo ya nuna C a 10, P a 4, ratar ta zama 6. Haƙƙin saye ya yi tsada ke nan idan an gwada shi da ɗan'uwansa, sai a sayar da shi a karɓi 10, a sayi haƙƙin sayarwa a 4, a sayi hannun jarin a 100, a ranto 94 ɗin da ya rage, wanda zai zama bashin 98.70 bayan shekara. Idan farashi ya kai 120, wanda ya sayi haƙƙin zai karɓe hannun jarin ya biya 100. Idan ya faɗi zuwa 80, kai ne za ka zartar da naka haƙƙin ka sayar a 100. Ko ta wace hanya, 1.30 ya rage maka.

A nan ne nake so ku yi hattara, domin lambar da allo ya nuna galibi ta cinikin ƙarshe ce, ko kuma tsakiyar tayin mai saye da farashin da mai sayarwa yake nema, kuma ba lallai a yi ciniki da kai a kanta ba. Za ka iya tarar da cewa 9.60 ake taya haƙƙin sayen, haƙƙin sayarwar 4.40 ake nema, hannun jarin kuma 100.10. Yanzu 94.90 za ka ranta, bashin ya zama kusan 99.65, ribar ta koma 0.35 kafin ladan dillali. In kuma dillalinka kashi 6 yake ba ka rance, wanda ba abin mamaki ba ne ga ƙaramin ɗan kasuwa, bashin ya kai 100.59, kuma ka ɗaure kanka da asara tabbatacciya. Ga kuma haɗarin cewa ciniki uku ne, in ɗaya ya wuce sauran suka motsa, kasada ta dawo.

Idan ratar ta gaza 4.76, juyawa ake yi: a sayi haƙƙin saye, a sayar da haƙƙin sayarwa, a ari hannun jarin a sayar, a ba da rancen kuɗin. Wannan ɓangaren ya fi yaudara. Mai aron hannun jari yana biyan kuɗin aro, kuma duk ribar da kamfanin ya raba shi zai biya wa mai shi, saboda haka sai an cire darajar wannan rabon daga S kafin a kwatanta. Haƙƙoƙin hannun jarin kamfanoni da ake cinikinsu a kasuwannin Amurka kuwa ana iya zartar da su kowace ranar kasuwa, don haka wanda ka sayar wa haƙƙin sayarwa zai iya ɗora maka hannun jarin tun wa'adi bai cika ba, ka biya K da wuri, kuɗin ruwan da ka dogara da shi ya tafi. A irin waɗannan haƙƙoƙin, abin da ƙa'idar take bayarwa kawai shi ne iyaka ta sama da ta ƙasa. Idan kuka ga irin wannan ratar ta kwana a allo ba wanda ya taɓa ta, ku fara tambayar dillali nawa ne kuɗin aron hannun jarin da kuma ranar rabon riba.