Kuɗin Durowa Ba Naka Ba Ne Duka

Ƙannena masu sha'awar sana'a, ku saurari labarin wani matashi a wata unguwa cikin Kano. Da ya gama sakandare, kawunsa ya kama masa ɗan shago ya zuba masa kayan masarufi na naira 300,000: taliya, sukari, madara, sabulu, ɗanɗano. Yaron ba rago ba ne. Yana idar da sallar asuba yake buɗewa, kuma a rana yakan yi cinikin kamar 40,000.

To, a nan gizo yake saƙar. Duk dare in ya ƙirga 40,000 sai ya ji shi wani ne. Safiya ta yi Umma ta aiko a ba da kuɗin cefane, ya zura hannu durowa. Ƙanwarsa ta zo ta ɗauki taliya leda biyu da sukari, ba wanda ya rubuta, ai kayan gida ne. Ƙaninsa na son kuɗin mota, shi kansa yana son katin waya. Kuɗin da masu saye suke turo masa kuma cikin asusunsa na banki suke faɗawa, wanda da shi yake sayen data yana yi wa abokai biki.

Bayan wata uku kantoci suka fara nuna katako. Da can in ya shiga kasuwar Singa kwali-kwali yake sarowa, yanzu ya koma rabin kwali. Mai saye ya zo neman madara, sai ya ce ta ƙare, a dawo gobe. Har ya fara zargin ko sammu aka yi masa, kamar yadda da yawanmu muke yi in lissafi ya kuɓuce mana.

Kawu ya zo ya sa aka rufe shagon. Suka ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya a kan kuɗin da aka saro su, suka samu na 95,000. Durowa da banki 10,000. Bashin da ke hannun mutane 15,000. Duka 120,000.

"Kawu, wallahi ban ci kuɗin nan ba."

"Na sani, ɗana. Ɗauko biro."

Kawu ya nuna masa cewa a irin kayan nan, in ka sayar da na naira ɗari, da ƙyar goma ce taka. Ke nan cikin 40,000 ribarsa 4,000 ce kacal, sauran 36,000 kuɗin kaya ne da dole su koma Singa. Da suka tattara abin da ke fita gida kullum, kuɗi da kaya, sai ga shi ya kai 6,000. Kowace rana jari yana cin giɓin 2,000. A wata 60,000, a wata uku 180,000. Daidai abin da ya ɓace.

Ku lura da wani abu da ko manyan 'yan kasuwa yakan shammace su. In ka saro kwalin taliya 15,000 ka sayar 16,500, za ka ce ka ci 1,500. Amma in ka koma kasuwa ka tarar ya zama 16,000, abin da za ka iya taɓawa 500 ne, don sai ka mayar da kwalin kan kanta tukuna.

Kawu bai ƙara masa ko sisi ba, kuma ni ina ganin daidai ya yi. Da yake kaya sun ragu, ciniki ya sauko 25,000, riba 2,500. Sai ya yanka masa albashi: 1,500 kullum, a cire da dare a saka a wata jaka daban. Ita ce ta gida. Saura 1,000 ta zauna a shago tana cike ramin. Aka buɗe wa shago asusun kansa. Duk abin da za a kai gida, ko ashana ce, a biya daga jakar gida a kan farashin da kowa ke saye. Kowace Juma'ar ƙarshen wata kuma a rufe a ƙirga kaya.

Mafi wuya shi ne gaya wa Umma, don yaro ba zai iya kallon mahaifiyarsa ya ce sai ta biya sukari ba. Kawu ne ya shiga ya yi mata bayani, a matsayinsa na yayanta. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce a riƙa damƙa mata jakar a hannu, ita za ta san yadda za ta juya ta. Ƙanwar ce dai ta yi kwana biyu ba ta gaishe shi ba.

A 1,000 kullum, sai ya yi wata shida kafin jarin ya koma yadda Kawu ya ba shi, in har farashi bai sake tashi ba, kuma masu bashin nan sun biya.